Fenolftaleyin da na sayo a Yamai: abin da na gani bayan wata uku a labo

Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata lise a nan Tawa. A hutun da ya wuce na sayo ƙaramin butali na fenolftaleyin, manunin launi da ke juyawa gwargwadon pH na ruwa, a wani shagon kayan labo a Yamai, wadda aka riga aka narkar cikin alkol, da abin ɗigawa a murfinta. Abin da ya kai ni sayenta kuwa wani aiki ne da ya ɓaci a ajin tarminal.

Mun so auna asid ɗin da ke cikin binegar na kasuwa mai digiri 6, wato kusan 1 mol/L na CH3COOH. Muka sirka shi da ruwa har ƙarfinsa ya ragu sau goma, muka ɗebi mililita 20 da pipet, muka cika buret da sud, NaOH, mai 0,1 mol/L. A lissafi, sai an zuba kusan mililita 20 na sud kafin ya cinye asid ɗin. Manunin launi da ya rage mana a kabad ranar nan eliyantin ne kaɗai, kuma da shi na bari aka yi. Ruwan ya fara da ja-ja, yana kwashewa a hankali, wajen mililita 6 ya gama zama rawaya. Yara suka rufe buret, lissafi ya ba su digiri da bai kai 2 ba. Wata ɗaliba ta ce, "Mushe, ashe mai shagon nan ruwa yake sayar mana!" Mai shago ba shi da laifi, kuskuren daga zaɓina ne.

Eliyantin yana juyawa tsakanin pH 3,1 da 4,4. Shi kuwa asid na binegar mai rauni ne, pKa ɗinsa kusan 4,8. Ruwan yana farawa a pH 2,9, kuma kafin a ci kashi ɗaya cikin uku na asid ɗin ya riga ya haye 4,4. Wurin daidaito, inda sud ke cinye asid daidai, na can gaba, kuma ba a pH 7 yake ba. Idan sud ya cinye asid duka, abin da ya saura a kofin asetat ne, CH3COO⁻, shi kuma bas ne mai rauni, sai ya ɗaga pH zuwa kusan 8,7.

A nan sabon butalin ya biya kuɗinsa. Fenolftaleyin ba ta da launi ƙasa da 8,2, daga nan take komawa ruwan hoda har zuwa 10. A mililita 19,9 pH yana wajen 7, a 20,1 ya wuce 10. Duk wannan tsalle cikin ɗigo huɗu ko makamancin haka yake faruwa, kuma iyakar juyawarta na cikinsa gaba ɗaya. Da muka sake aikin da ɗigo biyu nata, da farar takarda ƙarƙashin kofi, rukuni biyar cikin shida sun tsaya tsakanin 19,8 da 20,2. Abin da ya fi burge ni shi ne tana yin gargaɗi: idan an kusa, inda ɗigon ya faɗa yana yin hoda ya ɓace da an juya kofi, yaro ya san lokacin tafiya ɗigo-ɗigo ya yi.

Na gwada BBT ma, wato manunin launi bromotimol, don abokin aikina ya fi son shi. Ana iya fita da shi in an jira shuɗi sosai, amma tun wajen mililita 19 yake fara kore, yara kuma su yi ta gardamar wane kore ne na tsayawa.

Fenolftaleyin ma tana da nata aibu. Hodar tana kwashewa in kofi ya daɗe a buɗe, saboda CO2 na iska yana narkewa cikin ruwan yana sauke pH. Rukuni na shida sun ga haka suka ƙara sud har 21,5, launi ya yi jawur. Yanzu ƙa'idata ita ce hoda mai haske da ta tsaya daƙiƙa 30, a karanta buret, kada a sake taɓa shi. Sannan murfin butalin ba ya kamawa da kyau. Da zafin Tawa, cikin wata uku alkol ya ragu har farin gari ya taru a bakinsa. Na mayar da ita wani butali mai murfin murɗawa, na ajiye a ƙasan kabad inda rana ba ta kai.

Zan sake sayenta don binegar da ire-irensa. Amma mako mai zuwa za mu auna amoniyak da HCl, inda daidaito ke faɗawa wajen pH 5, kuma ranar ba za ta fito daga kabad ba.