Awon inuwa ko lissafin agogo: wanne ya fi wajen saita rana a hoto?

"Assalamu alaikum. Na zana rumfar ƙarfe a Blender, ina son in ɗora ta a hoton wani fili a Zango don mai aikin ya gani. Na kunna Shadow Catcher amma inuwar ta ƙi zama. In auna hasken daga hoton ne, ko in bar Sun Position ya lissafa mini?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na gwada duka biyun, kuma in akwai inuwa mai kaifi a hoton, awo nake fifitawa.

Amma kyamara ce farko. In ba ka daidaita ta da hoton ba, da manhajar fSpy ko da hannu, ƙasar Blender da ta hoton ba za su kwanta wuri ɗaya ba, kuma ko wace hanya ka bi rumfar za ta yi kamar tana shawagi.

Shi awo, abin da kake nema wani abu ne da ke tsaye cak, wanda kake ganin gindinsa da bakin inuwarsa, kamar turke ko kusurwar katanga. A ce turken mita 3 ne, inuwarsa a ƙasa mita 4. Tsayin rana shi ne atan(3/4), wajen digiri 37 ke nan. Fitilar Sun tana kallon ƙasa ne tun asali, saboda haka ka cire 37 daga 90, ka ba Rotation X digiri 53. Sai ka kafa sanda mai tsawon mita 3 a kan turken hoton, ka riƙa juya Rotation Z har bakin inuwarta ya hau kan bakin inuwar gaskiya. In ba ka je filin da ma'auni ba, sandar kaɗai ta isa, ka juya kusurwoyin biyu har inuwoyin su haɗe. Kada dai ka auna da ido a jikin hoton, don abin da ya yi nisa da kyamara gajarta yake yi. Kuma in ƙasar gangare ce, awon zai yi maka ƙarya.

Sun Position kuwa wuri da lokaci yake so. Damagaram, inda Zangon naka yake, tana wajen digiri 13.8 arewa, 9.0 gabas, agogonmu kuma UTC+1. Lissafinsa ba ya kuskure, abin da ka ba shi ne ke kuskure. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto ya zubar da lokacin da aka ɗauke shi, kyamarar da aka sayo daga waje kuma sau da yawa da agogon can take tafiya. Ka duba misalinmu: a Disamba, digiri 37 ɗin nan wajen ƙarfe 3 na yamma ne. In ka rubuta ƙarfe 4, inuwar mita 4 ta zarce mita 6. Sannan dole ka gaya masa inda arewa take a hoton, wanda yawancinmu hasashe muke yi. Amfaninsa na zuwa ne a fili fetal da ba turke ba bango, ko in mai aikin ya ce yana son ganin inda inuwar za ta faɗa a wata daban. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi da tsakar rana, inuwa ta koma kudu, kuma hoton Disamba ba zai nuna maka haka ba.

Akwai abin da hanyoyin biyu ba sa ba ka, wato laushin inuwa da duhunta. Angle na Sun yana zuwa a 0.526, daidai da sama garau. Ranar hazo sai ka ɗaga shi zuwa digiri 5 ko 10, ka rage Strength, ka ƙara hasken World, kana kwatanta bakin inuwar sandarka da na turken. In taka ta yi baƙi ƙirin alhali ta hoton ana ganin rairayi a cikinta, World ne ya yi kaɗan. Ka kuma ba faifan ƙasar da ka kunna wa Shadow Catcher launin rairayin wurin, don ƙafafun rumfar su ɗan ɗauki jan da ƙasa ke mayarwa.

Wajen haɗawa, a Cycles ka kunna Transparent a ƙarƙashin Film, ka kunna Shadow Catcher a cikin Passes, ka ɗora shi kan hoton da Multiply, sannan rumfar ta hau sama da Alpha Over. Ka mayar da View Transform zuwa Standard, in ba haka ba launin hoton zai koɗe. Ka tuna ka ɓoye sandar nan kafin aikin ƙarshe. Ni na taɓa mantawa da ita, sai mai aikin ya tambaye ni wa ya kafa masa turke na biyu a fili.