Kilo 8 a sikeli, kilo 20 a takardar biya

"Na aika kwalin rigunan sanyi ta jirgin sama. A gabana aka ɗora shi a sikeli ya nuna kilo 8, amma aka caje ni kuɗin kilo 20. Abokina ya aika kilo 18 na ƙarafen gyaran inji, kuma na fi shi biya. Cuta ce ko kuwa haka tsarin yake?"

Ɗan'uwa, haka tsarin yake, kodayake akwai inda ya kamata ka sa ido. Jirgi abu biyu yake sayarwa, ƙarfin ɗauka da wuri. Kaya marasa nauyi sukan cika cikinsa tun bai ɗauki rabin abin da zai iya ba, shi ya sa ake auna kowane kwali sau biyu: a sikeli, da kuma tef. Wanda ya fi yawa a ciki, shi ake biya.

Awon tef ɗin kuwa, ga yadda ake mayar da shi kilo bisa ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, idan an auna da santimita:

```
tsawo × faɗi × tsayi ÷ 6000
```

Mu jera kwalayen biyu. A ce naka santimita 60 ne da 50 da 40. Idan aka ninka, 120,000 ke nan, a raba da 6000, kilo 20. Sikeli ya ce 8, tef ya ce 20, tef ya ci. Na abokinka a ce 40 ne da 30 da 25, wato 30,000, a raba, kilo 5 kacal. Sikeli ya ce 18, don haka 18 ya biya. Wurin da kwalinka ɗaya ya cinye, irin nasa huɗu za su zauna a ciki.

Da kamfanonin kai saƙo irin su DHL ko FedEx ka ba kwalin, abin ya fi haka, domin a saƙon ƙasa da ƙasa da 5000 suka saba rabawa. Naka sai ya zama kilo 24. Na abokinka ya tashi daga 5 zuwa 6, kuma ko a jikinsa, tunda har yanzu 18 ɗin sikeli ne a sama. Mai kaya marasa nauyi ne kaɗai wannan lamba take cizo. Saboda haka duk wanda ya faɗa maka farashin kilo bai faɗa maka da nawa yake rabawa ba, rabin magana ya yi maka.

Inda na fi ganin mutane suna asara shi ne wajen ɗaurin kaya. Ba awon da aka buga a jikin kwali ake bi ba, ana aunawa ne daga inda ya fi kumbura. Ka danna riguna har cikin kwalin ya turo, ya koma 63 da 52 da 42, lissafi ya ba da 22.9, kuma sama ake cikawa zuwa rabin kilo na gaba, sai ka biya 23. Kilo uku a kan kumburi kawai! Da ka zuƙe iskar rigunan a leda, ka yanke bakin kwalin tsayinsa ya sauko daga 40 zuwa 28, da kilo 14 za ka biya, kayan kuma su ne dai.

Akwai wata dabara da ta dace da ku biyun. A dakon jirgi na yau da kullum, kayan da ke kan takardar dako guda jimillarsu ake dubawa. Sikelinku a haɗe 8 da 18, kilo 26. Tef ɗinku 20 da 5, kilo 25. Za ku biya 26 maimakon 38 da kuka biya a rarrabe, don nauyin ƙarfensa ya rufe girman rigunanka. Sai dai ka tambaya tukun, saboda kamfanonin kai saƙo da yawa kwali-kwali suke lissafawa, a wurinsu haɗin ba ya rage komai.

Game da kwalin da ka riga ka aika, duba takardar dakon. Za ka ga gurbi biyu, `Gross Weight` da `Chargeable Weight`, na farko sikeli ne, na biyu abin da aka caje ka. Nemi awon da suka rubuta, ka ninka, ka raba da kanka. In ya fito 20, lissafinsu daidai ne. In awon nasu ya wuce girman kwalinka na gaskiya, ka nemi a gyara, kuma hoton kwalin da tef a jikinsa, wanda ka ɗauka kafin miƙawa, shi ne hujjar da za su saurara.