Wane saƙon bankwana ya fi dacewa da baƙo Bature?

"Abokina ɗan Ingila da ya zo ziyara Yankari zai bar Bauchi jibi, ya bi ta Abuja ya koma Landan. Ina so in tura masa gajeren saƙo da Turanci, wanne ya fi: Journey mercies ko Have a safe flight?"

Malam, na biyun za ka tura. Journey mercies magana ce ta Turancinmu na Najeriya, wadda aka fi ji a bakin 'yan'uwanmu Kirista idan suna yi wa matafiyi addu'a. Mutumin Jos ko Tafawa Ɓalewa zai gane ta nan take, amma ɗan Ingila da bai daɗe a ƙasar nan ba zai iya tsayawa yana tunanin me ake nufi, domin ba haka suke sallamar juna a gida ba. Have a safe flight kuwa duk mai jin Turanci ya san ta, sai dai ta jirgin sama ce kawai, saboda haka ba ta haɗa da doguwar tafiyar mota daga Bauchi zuwa Abuja ba, wadda a wurinmu ita ce ta fi buƙatar addu'a. Idan ta hanya zai fara, Safe travels ta fi, domin ta ƙunshi mota da jirgi gaba ɗaya.

Bambanci na biyu shi ne tsawo. Mu mun saba da jera addu'o'i: Allah ya kiyaye hanya, ya kai lafiya, a gaida mutanen gida. A Hausa wannan ladabi ne, amma idan aka jera su duka da Turanci saƙon yakan yi nauyi, har mai karatu ya ɗauka akwai wani hatsari da ake ɓoye masa. Jimla uku sun isa, wato fatan alheri, da abu ɗaya da kuka yi tare, da roƙon ya sanar da kai saukarsa:

Safe travels! It was great showing you Yankari. Let me know when you land.

Idan ka san mai addini ne, ba laifi ka ƙara God bless a ƙarshe. Idan ba ka sani ba, ka yi masa addu'arka a zuci. In kuma akwai girmamawa tsakaninku, kamar malaminka ne ko shugabanka a wurin aiki, sai ka fara da Wishing you a safe journey home, wadda ta fi kamala.

Ka tura daren da zai kwana ya tashi, domin da asuba hankalinsa yana kan kaya da direba. Kada ka damu idan amsa ta yi jinkiri, tun da jirgin Abuja zuwa Landan yana ɗaukar kimanin sa'o'i 6, kuma bayan sauka akwai layin jami'an shige da fice kafin ya sami sukunin duba waya.