Kamus na Turanci da Hausa ko na Hausa zalla: wanne ne ke warware fassara mai tauri?

"Assalamu alaikum. Na fassara wata takardar wayar da kai daga Turanci, kalmomin duk daidai ne, amma wanda ya karanta sai ya ce ba ta yi kama da Hausa ba. Kuɗin kamus ɗaya gare ni. In sayi babban kamus na Turanci da Hausa, ko kuwa na Hausa zalla?"

Wa alaikumus salam, Malama. Ki sayi na Hausa zalla. Wanda nake nufi shi ne Kamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, kuma nawa ya daɗe a kan tebur har bangonsa ya saki, na kai shi wajen masu ɗinkin littafi suka ɗaure mini shi da zare. Na Turanci da Hausa ma ina da shi, wani mai kauri da na saya da tsada, kuma har yau ina jin zafin kuɗin, domin abin da yake yi kawai shi ne ya jera kalmomi uku ko huɗu a gaban kalmar Turanci ba tare da ya ce wacce ke zama a ina ba. Akwai masu kyau a irinsa waɗanda ke kawo misali cikin jimla, amma ko su aikinsu shi ne samo kalmar da ta ɓace wa mutum, ke kuwa kin riga kin samu kalmominki.

Bari in nuna miki da aikin da ya sa na gane haka. An taɓa ba ni takarda a kan ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa, wato lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Na bi Turancin kalma bayan kalma, sai jimla ɗaya ta fito haka: "Yana da muhimmanci a lura cewa cakuɗar ya kamata a jefar da ita idan ba a cinye ta ba a cikin awa 24 na shiryawa." Kowace kalma a nan tana cikin kamus ɗina mai kauri. Da na karanta wa gwaggona, wadda ta goyi 'ya'ya da jikoki, sai ta dakatar da ni ta ce, "Ruwa ne ko tuwo? Yaya za a cinye ruwa, kuma wa ke jefar da shi?"

Turanci yana da kalma ɗaya da ta haɗa ci da sha, yana da wata da ta haɗa duk wani nau'in rabuwa da abin da ba a so, alhali Hausa sai ta duba abin tukuna. Ruwa shanye shi ake yi, kuma zubar da shi ake yi. Tsumma a yar da shi. Dutse a jefar da shi. A nan ne kamus na Hausa zalla ya biya ni kuɗina, domin yana bayyana kalma da Hausa, kuma idan mutum ya karanta bayanin "zubar" kusa da na "jefar" da "yar" sai kunnensa ya dawo gida, ya tuna da abin da ya sani tun yana yaro kafin Turancin da ke gabansa ya rufe masa ido. Yana kuma nuna jinsin suna da jam'insa, abin da ke hana jimla ta fara da "shi" ta ƙare da "ita".

Sai dai ko an sauya waɗannan kalmomi biyu jimlar ba ta warke ba, saboda taurin yana cikin gininta. "Yana da muhimmanci a lura cewa" shimfiɗa ce ta Turanci wadda ba ta ɗauke da komai, sai a cire ta gaba ɗaya. Sharaɗi kuma a maganar Bahaushe yakan zo a gaba, umarni ya biyo baya, tunda a zahiri ma haka abin ke faruwa: ruwan ne ke fara daɗewa, sannan a zubar. "Na shiryawa" aiki ne da aka daskarar ya zama suna, Hausa kuwa ta fi son aikatau ya yi motsinsa. Abin da na ƙare da shi shi ne: "Idan ya kai awa 24 da haɗawa ba a shanye ba, a zubar da shi." Na so in ƙara "a haɗa sabo", domin haka bakin mutum zai faɗa, amma ban sa ba sai da na tambayi masu takardar, saboda ƙara umarni a rubutun lafiya ya wuce hurumin mai fassara.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali yana wajen awo. Turancin ya siffanta cokalin da wata kalma wadda kamus ɗina ya fassara da "mataki" a farkon jerinsa, har na rubuta "matakin cokali shida", maganar da ba ta nufin komai. Abin da ake nufi shi ne cokali a shafe, wanda aka daidaita bakinsa ba a yi masa tozo ba. Uwar da ba a gaya mata haka ba, tana iya cika gishiri, gishiri mai yawa kuwa yana cutar da yaron da ruwan jikinsa ya riga ya ragu.

Hanyar da nake bi tun daga lokacin ita ce in karanta sakin layi ɗaya na Turancin har in fahimce shi sarai, in kife takardar, in faɗi abin da baki kamar ina yi wa maƙwabciya bayani, sannan in rubuta abin da na ji kaina na faɗa. Bayan haka nake buɗe Turancin in bi shi layi-layi don tabbatar da cewa babu adadi ko sharaɗin da ya zube. A wannan dubawa ki lura da abu biyu. Na farko, jimlar da ta ɓoye mai aiki a ƙarshe, irin "a ba yaro ruwan ta hannun mahaifiyarsa". Hausa ko dai ta sa mai aikin a gaba, "uwa ta riƙa ba yaro ruwan", ko ta bar shi baki ɗaya ta ce "a riƙa ba yaro". Na biyu, mallaka marar amfani: Turanci yakan faɗi hannuwan na wane ne, mu kuwa "a wanke hannu da sabulu" ya wadatar, kuma wannan "a" ɗin yana raba ki da zaɓi tsakanin "ka" da "ki" a takardar da maza da mata za su karanta.

Iyakar kamus na Hausa zalla ita ce ba zai samo miki kalmar da ba ki sani ba, kuma sababbin kalmomin kimiyya da na fasaha da yawa ba sa ciki. A irin wannan wuri ki tambayi masu sana'ar abin da suke cewa a bakin aiki.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara wajen saye. Akwai masu buga littafin sata da masu sayar da hoton shafuka ta waya suna cewa cikakken kamus ne, sai an biya a tarar an tsallake shafuka ko rubutun ya dushe. Ki riƙe littafin a hannu kafin ki ba da kuɗi, ki bi lambobin shafi a tsakiya da ƙarshe, sannan ki buɗe wajen haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ki tabbatar lanƙwasar ta fito sosai, domin a bugun sata tana iya gogewa, kuma idan ta goge ba za ki iya raba "ƙafa" da "kafa" ba.