Kafin ka sayi rauta don buɗe wa sabarka ƙofa

In kana so mutanen waje su iso shafin da ke kan sabarka ta gida, kada ka fitar da ko sisi sai ka duba abu ɗaya. Shiga shafin rautarka, ka nemi lambar da ke gaban WAN IP, sannan ka buɗe ifconfig.me ka ga lambar da duniya ke ganin ka da ita. In sun zo ɗaya, hanya a buɗe take. In sun bambanta, musamman in ta rautar ta faɗo tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ta fara da 10, to galibi kamfanin da ke ba ka intanet ne ya haɗa ku da yawa a kan adireshi guda, abin da ake kira CGNAT. Galibin layukan sim haka suke. A nan ko rauta mafi tsada ka saya, baƙo ba zai iso gare ka ba, domin ƙofar waje tana hannun kamfani.

Wanda lambobinsa suka zo ɗaya, rauta mai sauƙin kuɗi ta ishe shi, muddin tana da Port Forwarding (TP-Link kan kira shi Virtual Servers) da wurin kafe wa na'ura adireshi. A ce sabarka Raspberry Pi ce a 192.168.1.50, tana sauraro a ƙofa ta 8080. Ka fara kafe mata wannan adireshin, in ba haka ba wata rana a ɗauke wuta a dawo da ita, rauta ta ba ta wani, shafin ya ɓace. Sai ka cika a Port Forwarding: External Port 80, Internal IP 192.168.1.50, Internal Port 8080, Protocol TCP. Ka gwada da datar wayarka, ba daga cikin gida ba, don wasu rautocin ba sa juyo da kiran cikin gida, sai ka ɗauka aikin ne ya lalace alhali lafiya lau yake. Adireshin waje yakan sauya, saboda haka ka haɗa da DuckDNS, mai ba ka suna guda da ke bin adireshin duk sanda ya sauya, kyauta ne.

Wanda CGNAT ya tare kuwa, zai iya tambayar kamfaninsa adireshi na kansa, yawanci da ƙarin kuɗi. Ni dai, don ƙaramin shafi, ban ga dalilin wannan kashe kuɗin ba. Na fi son Cloudflare Tunnel, inda sabarka ce ke kiran waje da kanta, ba a buɗe komai a rauta. Ka girka manhajarsu cloudflared a kan sabar, sai ka rubuta:

```
cloudflared tunnel --url http://localhost:8080
```

Wannan na gwaji ne, sunan da zai ba ka yana sauyawa duk sanda ka sake kunnawa. Mai ɗorewa sai kana da sunan yanki naka a wurinsu, kuma ka sani duk masu ziyararka ta hannunsu za su bi. In hakan bai kwanta maka ba, ka yi hayar ƙaramar sabar intanet da ake biya wata-wata, ka haɗa ta da ta gida da WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓantacciyar hanya tsakaninsu, amma kula da tsaron ta hayar ya koma wuyanka.