Elo na FACEIT da RR na Valorant: me ya sa nasara ɗaya take biyan ku maki daban?

"Yaya, ni da abokina duk Gold 2 muke a Valorant. Jiya a nan Agege muka ci wasa tare, shi aka ba shi 24 RR, ni 14, kuma idan muka faɗi ni ake yanke wa da yawa. Amma a FACEIT kusan 25 ake ba kowa. Wanne ne ke haɗa mutum da tsaransa da gaske?"

Ƙanena, kai da abokinka tambari ɗaya kuka rataya, amma injin da ke haɗa wasa ba ya kallon tambari. Bambancin tsarukan biyu ke nan a taƙaice: a FACEIT, dandalin gasar wasannin kwamfuta mai amfani da lissafin Elo, lambar da kake gani ita ce ake haɗa ka da ita, a Valorant kuwa lamba biyu ce, ɗaya a fili, wato RR, ɗaya a ɓoye, kuma ta ɓoyen ce ke da iko.

Bari in fara da Elo, don shi ne tushe. Arpad Elo malamin fiziks ne a Amurka, ya tsara lissafin ne don wasan ces, ƙungiyar ces ta Amurka ta karɓe shi a 1960, ta duniya kuma a 1970. Tunaninsa mai sauƙi ne. Kafin a fara wasa sai a ƙiyasta rabonka na nasara daga tazarar makinka da na abokin karawa, bayan an gama sai a biya ka gwargwadon yadda sakamakon ya saɓa wa ƙiyasin.

```
E = 1 / (1 + 10^((Rb - Ra) / 400))
R' = R + K * (S - E)
```

`Ra` makinka ne, `Rb` na abokin karawa, `E` shi ne ƙiyasin nasararka, `R'` kuma sabon makinka bayan wasa. `S` ɗaya ne idan ka ci, sifiri idan ka faɗi. `K` kuwa shi ne girman mudun da ake awo da shi. Mu ɗauki `K` a matsayin 50, tunda shi ke fitar da 25 ɗin da ka saba gani: idan ɓangarorin biyu kai ɗaya suke, `E` rabi ne, rabin 50 kuma 25.

To a ce ku biyar ɗin matsakaicin makinku 1400 ne, su kuma 1500. Lissafin zai ba ku 0.36, wato cikin wasa ɗari ana sa ran ku ci 36. Idan kuka yi musu ba-zata, kowannenku zai tashi da 32. Idan suka cinye ku kamar yadda aka zata, 18 kawai za a cire. Lura da abin da bai shiga lissafin ba. Bai tambayi wanda ya kashe talatin ba, bai tambayi wanda ya ɓuya a lungu har aka tashi ba. Wanda ya ɗauki nauyin wasan da wanda aka goya, ladansu ɗaya. Wannan shi ne kyawunsa, kuma shi ne aibinsa. Kyawun shi ne kana iya ɗaukar biro ka bi sawun kowane maki, babu wanda zai ce an yi masa rufa-rufa. Aibin kuwa, asalin lissafin bai san bambancin wanda ya buga wasa dubu da wanda ya shigo jiya ba. Idan su biyun suna 1400, ya ɗauke su ɗaya ne.

Wannan gibin ne Mark Glickman ya toshe da tsarin Glicko a 1995, kuma a nan nake so ka tsaya sosai, domin daga nan amsarka take fitowa. Ya ce lamba ɗaya ba ta isa ba, a ƙara ta biyu da ke nuna yawan shakkar da ake yi a kan ta farko. Sunanta `RD`. Sabon shiga yana farawa da maki 1500 da `RD` 350, ma'ana ba a san shi ba sam. Kamar sabon yaro ne da ya zo neman aikin dako a kasuwar Mile 12: ranar farko idan ya ɗaga buhu biyu, nan take ra'ayin kowa a kansa ya canza. Wanda ya shekara goma a wurin kuwa, ko yau ya ɗaga uku ba wanda zai sake masa kallo, an riga an san iyakarsa.

Ga shi a lissafi. Mutum biyu, kowanne 1500, kowanne ya doke sanannen ɗan wasa mai 1500 da `RD` 50. Sabon shiga mai `RD` 350 zai yi tsalle da kusan maki 175, shakkar da ake yi a kansa ta sauka zuwa wajen 248. Tsohon hannu mai `RD` 50 kuwa kusan 7 zai samu. Nasara iri ɗaya, abokin karawa ɗaya, 175 da 7. Kuma idan mutum ya daɗe bai buga ba, `RD` ɗinsa yana sake hawa, shi ya sa bayan dogon hutu wasanninka na farko suke jijjiga matsayinka fiye da yadda ka saba. Microsoft ta bi wannan hanyar da TrueSkill a Xbox Live, ta faɗaɗa ta zuwa wasan ƙungiya, sannan a TrueSkill 2 na 2018 aka ƙara duba abubuwa irin su yawan kisa da barin wasa a tsakiya.

Riot, mai wasan Valorant, ba ta wallafa lissafinta dalla-dalla ba, amma ta bayyana yadda ginin yake. Akwai `MMR`, lambar ɓoye, wadda da ita ake zaɓo mutum tara da za su shiga fili tare da kai. Akwai kuma `RR`, wadda ake nuna maka, 100 a kowane mataki. Aikin `RR` shi ne ya bi `MMR` a baya har ya cim masa. Idan lambarka ta ɓoye ta fi tambarinka, sai a riƙa ba ka da yawa a nasara, a cire kaɗan a faɗuwa, ana tura ka sama. Idan tambarinka ya fi ta, sai a juya. Akwai ƙananan abubuwa da ke ƙarawa ko ragewa, kamar tazarar zagaye, don 13-3 ta fi 13-11 tsoka, da ɗan ladan bajinta a ƙananan matakai. Amma ku wasa ɗaya kuka buga, tazarar zagayenku ɗaya ce. Idan goman nan da ke tsakaninku kullum tana nan, ba jiya kaɗai ba, to maganar ba mai daɗi ba ce: injin yana ganin abokinka ya wuce Gold 2, kai kuma yana ganin ka ɗan hau sama da inda ya ajiye ka.

Kada ka yarda da ni haka kawai, ka gwada. Rubuta wasa ashirin masu zuwa, waɗanda ka buga kai kaɗai, ka fitar da matsakaicin abin da kake samu da abin da ake cire maka. A ce ya fito 14 a nasara, 22 a faɗuwa. Raba 22 da jimlarsu, 36, za ka samu kusan 61 cikin ɗari. Wato sai ka ci wasa shida cikin goma kafin ma ka tsaya inda kake. Abokinka kuwa, idan nasa 24 ne da 15, da cin 39 cikin ɗari ma ba zai sauka ba. Amma abin ba ya dawwama haka. Idan ka riƙe cin shida cikin goma na tsawon lokaci, `MMR` ɗinka yana hawa a ɓoye, sai ka ga 14 ta koma 17, ta koma 20. Alamar farfaɗowa ke nan, kuma tana zuwa kafin tambari ya canza.

Sau da yawa irin wannan tazara daga buga wasa da wanda ya fi ka take samo asali. Ya ja ka kun ci wasanni, tambari ya hau da sauri, lambar ɓoye kuma ta taho a hankali. Haɗin gwiwa ma shi ne inda tsarukan biyu duk suke rauni. Mai 1800 da mai 1000 matsakaicinsu 1400 ne a takarda, amma a fili ba su yi kama da mutum biyu masu 1400 ba: ɗaya yana share layi, ɗayan kuma shi ne ƙofar da ake shigowa ta nan kowane zagaye. Shi ya sa Valorant take taƙaita tazarar matsayi ga masu shiga bibbiyu ko uku-uku, kuma take rage `RR` ga biyar ɗin da suka haɗu da tazara mai faɗi.

Sai kuma abin da ya shafe mu a Legas, wanda ba ya cikin kowanne lissafi. Injin haɗa wasa ba gwaninta kaɗai yake nema ba, yana auna ta ne da nisan sabar da tsawon jira. Yana farawa da neman na kusa da makinka, idan shiru ya yi yawa sai ya buɗe tazarar. Activision ma, a bayanan da ta fitar a 2024 kan Call of Duty, ta ce ingancin haɗi ne a gaba da gwaninta wajen zaɓe. Saboda haka wasan ƙarfe uku na dare, lokacin da layi ya yi sauƙi amma mutane suka ragu, shi ne ya fi kawo maka wanda ya fi ƙarfinka nesa ba kusa ba, ko wanda bai san hannunsa ba.

Mu kuma yawanci a sabar Turai muke bugawa, `ping` ɗinmu, wato jinkirin layi tsakaninmu da sabar, ɗari da wani abu, na Landan yana kan goma sha. Makinka ba hannunka kaɗai yake aunawa ba, hannunka ne haɗe da layinka da wutar unguwarku. Ni kaina na taɓa zubar da wasa biyu a mako guda a Idi-Araba, an ɗauke wuta muna kan gaba, kafin a tayar da janareta an rubuta ni cikin masu gudu. Lissafin bai san uzuri ba. Amma ka lura, jinkirin da kullum yana nan ba ya lalata haɗin, domin ya riga ya shiga cikin makinka, an ajiye ka tare da waɗanda kuke kunnen doki da su a hakan. Wanda ke lalatawa shi ne mai hawa da sauka: yau layi mai kyau a shagon wasa, gobe datar wayar hannu a gida. A idon injin mutum biyu ne ke amfani da suna ɗaya, sai ya ajiye ka a tsakiya, inda ranar layi mai kyau wasa ya yi maka arha, ranar mummuna ya gagare ka.

Idan ka tambaye ni, wajen haɗa tsara da tsara tsarin da ke lissafa shakka ya fi, musamman a wasa ashirin ko talatin na farko, kuma ya fi saurin ɗauke gwanin da ya buɗe sabon asusu daga cikin masu koyo. Bayan ɗaruruwan wasanni kuwa, biyun kusan wuri ɗaya za su ajiye ka, sai dai Elo zai gaya maka gaskiya a fuska, Valorant kuma sai ka tono ta daga tazarar samu da rashi. Ka buga ashirin ɗin nan kai kaɗai, a layi ɗaya, a sabar ɗaya, da yamma lokacin da mutane suka cika, sannan ka kawo mini lambobin mu duba.