Hattara da mai sayar da man kaɗanya "Giredi A" a WhatsApp ɗin Yamai

Ƴan uwa mata, musamman na Yamai, akwai wata mata da ke yawo da hotunan man kaɗanya a gurup-gurup na WhatsApp tun da hunturu ya kama. Ba zan faɗi sunanta ba, domin an ce min takan canza suna da lamba, amma salon tallanta ɗaya ne. Roba ce mai kyau da takarda a manne, man fari fat kamar auduga, ta ce ɗanye ne tsantsa, "Giredi A", daga hannun matan ƙauye, kuma yana sa fuska haske cikin sati biyu. Shago ba ta da shi. Sai kin tura kuɗi sannan ɗan kabu-kabu ya kawo miki har gida.

Ni ma na faɗa. Na sayi roba mai cin rabin lita jika biyar, saboda kaushin ƙafa da bushewar fuska. Da na buɗe, ƙamshin turare ya buge ni, man kuma laushi kamar kindirmo, na ji daɗi. Kwana huɗu ina shafawa sai ƙananan ƙuraje suka feso min a goshi da kumatu. A ƙafa kuwa sai ya kwanta yana sheƙi, ƙura tana manne masa, ga wani fari-fari da ke murmushewa idan na murza.

Na kai wa maƙwabciyarmu, dattijuwa ce mutuniyar Gaya da ta tashi tana yin man nan da hannunta. Ta ɗaga robar, ta jinjina ta a tafi, ko buɗewa ba ta yi ba ta ce, "Ɗiyata, iska aka sayar miki." Muka aza a sikelin mai shago. Man kaɗanya na gaske lita guda kusan giram 900 yake yi, kenan rabin lita bai kamata ya gaza 450 da yawa ba. Nawa, har da nauyin robar, 310 ya yi. An buga shi ne da injin kaɗa ƙwai har ya kumbura. Bugaggen mai ba laifi ba ne idan an faɗa, amma a sayar da shi da cikar roba kamar daskararre, wannan ha'inci ne.

Daga nan Inna, wato dattijuwar nan, ta sa na zuba cokali uku a kwalbar gilashi, muka tsoma gindinta cikin ruwan zafi. Ta ce mai na gaske idan ya narke tas yake zama, kamar man gyaɗa, ƙila da ɗan baƙin dusa kaɗan a ƙasa idan ba a tace shi sosai ba. Namu ya rabu uku: mai a sama, ruwa gurɓatacce a ƙarƙashinsa, can ƙasa kuma farin laka. Na ɗebo lakan a faranti, na ɗiga masa jan maganin ciwo mai aidin, irin na farmasi. Nan take ya koma shuɗi mai duhu kamar an tsoma shi a marina. Sitaci ne ke yin haka da aidin, wato gari aka kwaɓa a ciki, na rogo ko na masara. Gari da ruwa cikin mai kuwa gidan ƙwayoyin cuta ne, shi ya sa bayan sati biyu ragowar ta fara fumfuna a gefen murfi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da na san ma'anar "Giredi A" ɗin, tun a hoto zan gane ƙarya ce. A rabon da ƴan kasuwar waje ke amfani da shi, A shi ne ɗanyen mai da aka fitar da ruwa da hannu. Ana tafasa ƙwallon a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, a yi ta bugu da ruwa har man ya taso, a dafa shi a tace. B shi ne wanda masana'anta ta tace. C an fitar da shi da sinadari irin su hekzan, an kuma tace shi matuƙa. D da E na ƙasa ne, E ma mai datti ne. To ɗanyen mai ba ya zama fari fat. Launinsa kamar hauren giwa ne, ko ruwan madara mai ɗan ɗorawa, wani lokaci ya ɗan karkata zuwa toka ko kore. Kuma yana da warinsa na ƙwallo da hayaƙi, wanda duk wadda aka taɓa murza mata shi a ƙirji tana yarinya ta san shi. Fari fat marar wari tatacce ne, an cire masa launi da wari a masana'anta. Saboda haka wadda ta ce miki nata ɗanye ne kuma fari fat, ɗaya daga cikin maganganun biyu ƙarya ce. Harafin da ke jikin roba kuwa, kowa na iya buga shi a wajen mai fotokofi.

Kar a ji na ce tatacce na jabu ne. Mai ne na gaske, yana riƙe laimar fata, kuma ya fi dacewa da wadda warin ɗanyen ke hawar mata kai. Sai dai tacewa na rage masa wasu sinadaran da ake neman ɗanyen dominsu. Haka nan idan kika ga ɗanyen mai ya yi tsaki-tsaki kamar yashi, wannan ba algus ba ne, narkewa ya yi ya sake daskarewa a hankali, kuma tsakin yana narkewa a yatsa. Wanda za ki guda shi ne mai warin tsami ko na tsohon man suya, ya lalace.

Inna ta ɗauko nata a ƙwarya, ta gutsuro min kamar ƙwayar wake ta ce in rufe hannu. Ɗumin tafina kaɗai ya narkar da shi, na murza, bayan ɗan lokaci fata ta shanye, warin ma ya lafa. Wanda aka haɗa da kyandir ba ya yin haka, yakan bar ɓarɓashi, mai basilin kuma ya yi ta santsi a sama. Ta ƙara da cewa a zafin Yamai na watan Afrilu, man da ya zauna ƙiƙam a tebur cikin rana bai ko yi laushi ba, a tambaye shi abin da ya ci. Kitsen shanu ne dai ya fi wuyar kamawa a gida. Wani lokaci ƙarninsa na tashi idan an ɗumama, wani lokaci turare ya rufe shi, kuma dalilin da ya sa ba na ƙara sayen mai ƙamshi kenan.

Maganar haske kuwa, man kaɗanya ba ya sa mutum fari. Idan wani "man kaɗanya" ya canza miki launi cikin sati biyu, to an zuba masa maganin bilicin, ki daina ki je wajen likitan fata da robar a hannu. Ko mai kyau kika samu, ki fara gwada shi a cikin dantse kwana biyu. Mai fuska mai maiƙo da ƙuraje ta bar shi ga jiki da ƙafa, domin yana iya yi mata nauyi.

Yanzu a kasuwa nake saye, a gaban mai kaya, a auna da kilo. Nakan tambayi daga ina ya zo, na yankin Gaya ne ko na Burkina ko Benin, in shinshina, in narkar a tafi, sannan in ɗauki kaɗan in gwada da kwalba kafin in koma in sayi da yawa. Ita kuwa matar, na tura mata hoton kwalbar nan mai hawa uku. Ta buɗe, ta gani, ta toshe lambata. Jiya wata ƙawata da ke Tawa ta turo min hoton roba iri ɗaya, takarda iri ɗaya, da sabuwar lamba a ƙasa.